Rahoton odita mai shafi 46, Alhaji kuma shafi biyu yake so

*Assalamu alaikum. Ni ce sakatariyar kwamitin bincike na daraktocin wani kamfani a nan Kumasi. Sarin shinkafa da sukari da man girki muke yi, sitonmu na Asawase, muna da reshe a Techiman. Oditanmu na cikin gida ya kawo rahoton wata uku, shafi 46, matsaloli 23. Alhaji shugaban kwamiti ya ce in mayar masa da shi shafi biyu: wacce ta fi haɗari, me manajoji suka ce, yaushe za a gyara. Daga ina zan fara, kuma yaya zan san wadda za ta hau sama?*

Wa alaikumus salam, Malama.

Kada ki fara daga shafin farko. Yawancin rahotanni ana jera su ne yadda odita ya bi aikinsa: ya shiga ofishin kashiya ya rubuta abin da ya gani, ya wuce sito, ya duba albashi, sannan ya tafi reshe. Shi ya sa za ki tarar da batun baucar ƙananan kashe-kashe ta sidi dubu biyu yana zaune a lamba ta 1, abin da zai iya durƙusar da kamfanin kuwa yana can lamba ta 19 a shafi na 31, inda idon mai karatu ya riga ya gaji. In kika bi wannan jeri kina rage kalmomi, rahoton zai ƙanƙance amma ciwonsa na nan.

Ki buɗe Excel, ki ba kowace matsala layi ɗaya, layi 23 ke nan. A kowane layi ki amsa tambayoyi biyar daga cikin rahoton: me ƙa'ida ta ce a yi, me aka tarar, me ya jawo, me zai biyo baya in an bar shi haka, me odita ya ba da shawara a yi. Ki sa lambar matsalar da lambar shafinta a gefe, domin duk daraktan da ya so ganin hujja ya same ta ba tare da ya kira ki ba. Gurbin da ya fi zama wayam shi ne na "me ya jawo". Oditoci da yawa sun iya faɗin abin da suka gani, amma sai su tsallake dalili, ko su rubuta "rashin bin ƙa'ida", wanda maimaita matsalar ne kawai da wasu kalmomi. Duk inda kika ga haka ki koma wurinsa ki tambaya, kada ki cike da naki hasashen.

Wannan gurbi na dalili shi ne zai rage miki aiki. In kika karanta shi daga sama zuwa ƙasa za ki ga matsaloli da dama uwarsu ɗaya. A ce lamba ta 4 ƙirgen shinkafa bai yi daidai da leja ba, ta 9 an fitar da kaya ba sa hannun mai ba da izini, ta 10 takardun rakiyar kaya zuwa Techiman sun yi tsalle a jerin lambobinsu, ta 17 kuma ba a ƙirga kayan sito ba tun wata biyar. Huɗun nan labari ɗaya ne: mutum guda ke karɓar kaya, shi ke fitarwa, shi ke rubuta leja, ba mai bin bayansa. In kika bar su a warwatse kowacce za ta yi kama da ƙaramar matsala, a ba ta ƙaramin matsayi, a wuce. In kika haɗa su sai a ga girman tsagar da ke jikin bangon. A irin wannan rahoto, 23 kan dawo tara ko goma bayan haɗawa. Sai dai ki rubuta a gefen kowacce lambobin da ta haɗiye, kuma a ƙasan takardar ki nuna cewa duka 23 sun shigo. Ranar da wani darakta ya gano an bar guda a waje, ba zai sake yarda da taƙaitawarki ba, ko da abin da aka bari bai taka kara ya karya ba.

Kafin mu shiga jerawa, akwai iyakar da ya kamata ki sani don kare kanki. Matsayin haɗari hukuncin odita ne. Ke kina tsarawa, shi ke sa hannu. In rahotonsa ya zo da matsayi, da shi za ki yi aiki, in kina ganin ya yi sassauci ko ya tsananta ki je ki faɗa masa ya duba. In bai zo da shi ba, ku zauna tare ku fitar. Ƙa'idojin ƙungiyar masu binciken cikin gida ta duniya, IIA, waɗanda suka fara aiki ranar 9 ga Janairun 2025, sun ɗora wa odita fifita abin da ya gano bisa nauyinsa, da faɗin wanda zai gyara da ranar da aka tsara gamawa, don haka ba alfarma kike roƙo ba. Za a zo miki kuma, wannan kusan tabbas ne. Manajan da sashensa ya fito da ja zai leƙo ofishinki da murmushi ya ce abin bai kai haka ba, ki ɗan sauko da shi. Amsarki ɗaya ce: ba ni na sa ba, ga ofishin odita can.

Yadda ake jerawa

Abu biyu ake aunawa: girman ɓarnar in abin ya faru, da kusancin faruwarsa. Kowanne a ba shi maki daga 1 zuwa 3, a ninka. Abin da ke sa wannan ya yi aiki shi ne a tsayar da ma'aunin tun kafin a duba matsalolin. In aka fara kallon matsalar sannan aka nemi ma'auni, kowa zai ja zaren zuwa inda ya fi masa daɗi.

Alkaluman da zan yi aiki da su daga nan na misali ne, ki musanya su da naku. A ce ribar kamfani kafin haraji sidi miliyan 3 ce a shekara. Kwamiti zai iya cewa duk abin da ɓarnarsa za ta haura kashi 5 cikin ɗari na wannan, wato sidi 150,000, maki 3 ne. Daga 30,000 zuwa 150,000 maki 2, ƙasa da haka maki 1. Kusancin faruwa kuma: yana faruwa yanzu ko kowane wata, maki 3, zai iya faruwa cikin shekara, maki 2, sai an yi rashin sa'a, maki 1. In ninkin ya kai 6 ko 9 babban haɗari ne, 3 ko 4 matsakaici, 1 ko 2 ƙarami. In girman ɓarna na gurbin D, kusanci na gurbin E:

```
F2: =D2*E2
G2: =IF(F2>=6,"Babba",IF(F2>=3,"Matsakaici","Karami"))
```

Yanzu mu ɗauko wancan na shafi na 31 mu bi shi har gida, don a nan ake yawan kuskure. Odita ya ɗauki inbois 60 daga cikin waɗanda aka biya ta Momo, wato tura kuɗi ta waya, a wata ukun. A 14 daga ciki, mai saye bai tura kuɗin lambar kamfani ba, lambar ɗan tallan da ya kai masa kaya ya tura. Tara daga cikin 14 sun iso asusun kamfani bayan kwana 3 zuwa 11. Biyar, jimlarsu sidi 38,400, ba a ga shigarsu ba har ranar da aka rufe bincike.

Wanda ya kalli 38,400 kawai zai ba shi maki 2. Amma wannan adadi abin da aka gani ne a cikin samfurin 60, alhali kuɗin da aka karɓa ta Momo a wata ukun sidi miliyan 4.2 ne. Inbois 14 cikin 60 ya kai kusan kashi 23 cikin ɗari. In abin haka yake a sauran, kuɗin da ke ratsawa ta wayoyin ma'aikata kafin su iso kamfani zai kai wajen sidi 980,000 a wata uku. Wannan shi ne girman kafar, shi ake aunawa, don haka maki 3. Yana faruwa a yau ɗin nan, maki 3. Tara ke nan, ya bar shafi na 31 ya koma layin farko.

Ki yi hattara da wannan 980,000 ɗin, domin adadi ne mai saurin tashi ya zaga gari. Ba asara ba ce, kuɗin da ke bi ta hanyar da ba ta da tsaro ne, kuma haka za ki rubuta. Sannan ki tambayi odita yadda ya zaɓi 60 ɗin. In ya zaɓo su ne ba tare da duba fuska ba, ƙiyasin na da ƙafar tsayawa. In kuwa ya tsinto waɗanda ya riga ya yi wa zargi ne, ba a faɗaɗa sakamakonsu kan sauran, sai a faɗi abin da aka gani da jimlar kuɗin Momo a tsaya nan. Manaja mai wayo da wannan tambaya zai fara a zaman kwamiti, gara ke ki riga shi yin ta.

Lissafin ninkawa kuma yana da makanta a wurare uku, dole a sa masa hannu.

Na farko, abin da ba ya yawan faruwa amma in ya faru an gama. Inshorar gobara ta sito ta ƙare tun Disamba ba a sabunta ba, ga kayan sidi miliyan 5 a jibge. Girma 3, kusanci 1, ninki 3, Excel zai ce matsakaici. Mutumin Kumasi kuwa ba sai an ba shi labarin gobarar kasuwa ba. Duk abin da zai iya tsayar da kamfani gaba ɗaya babba ne, ko me lissafi ya ce.

Na biyu, abin da ya taɓa doka. A ce albashin asali na ma'aikata sidi 180,000 ne a wata. Ana cire wa ma'aikaci kashi 5.5 na fansho, kamfani ya ƙara kashi 13, jimla 18.5, wato sidi 33,300. Daga ciki kashi 13.5 na hukumar fansho ta ƙasa, SSNIT, ne, sidi 24,300, sauran kashi 5 na asusun fansho mataki na biyu. Ana so a biya cikin kwana 14 bayan ƙarewar wata, tarar jinkiri kuma kashi 3 ce a wata, wato sidi 729 a kan kuɗin SSNIT na wata guda. Ta ma'aunin kuɗi wannan ƙaramin abu ne. Amma in odita ya tarar an yi wata uku ana cire wa ma'aikata sidi 9,900 kowane wata ba a kai ba, kuɗin mutane ne ake juyawa a jari ba da saninsu ba, kuma kamfanin da ke son kwangilar kai abinci ga hukumar gwamnati zai buƙaci takardar shaidar SSNIT cewa ba a bin sa bashi. Haka harajin albashi da ake kai wa hukumar haraji, GRA, zuwa 15 ga wata mai bi. Irin waɗannan ana ɗaga su sama, a rubuta dalilin ɗagawar a jimla ɗaya.

Na uku, maimaici. Matsalar da ta fito a rahoton baya, manaja ya ce zai gyara, ta sake fitowa, a ƙara mata mataki ɗaya. Ba don ta girma ba, sai don ta nuna alkawarin da aka yi wa kwamiti bai cika ba, wannan kuwa shi kansa abin da daraktoci ya kamata su sani ne.

In kin gama kika ga manyan sun kai takwas cikin goma, ma'aunin ya yi ƙasa, ku sake dubawa. Alhaji ba zai iya bin abu takwas da zafi ɗaya ba. Uku zuwa biyar shi ne abin da zama guda zai iya tattaunawa da gaske. Su ne za su cinye shafin farko. Matsakaita su samu layi bibbiyu a shafi na biyu. Ƙananan, irin baucar kashiya ta sidi 2,350 da ba rasit, a dunƙule su a sakin layi ɗaya da lambobinsu da wa'adinsu, a wuce.

Amsar manajoji

A nan ne taƙaitawa da yawa ke lalacewa, domin sakatariya mai kirki takan so ta gyara wa mutane magana. Kada ki gyara. Abin da manaja ya rubuta nasa ne, shi za a tuhuma da shi. Za ki iya gajarta shi, amma ki mayar masa ya gani ya amince a rubuce, ko ta imel ne, kafin ya shiga takardar kwamiti.

Amsar da za ki fi samu a karon farko ita ce "mun lura, za a ɗauki mataki", ko "an ja kunnen ma'aikata". Wannan ba amsa ba ce, sallama ce. Ki mayar da ita. Amsar da ta isa shiga taƙaitawa sai ta faɗi abu huɗu: ya yarda da abin da aka gano ko bai yarda ba, me takamaimai za a yi, wane muƙami ne zai yi, da wace rana. Gwajin da za ki yi mata mai sauƙi ne: in ranar ta zo, akwai takarda ko wani abu da odita zai riƙa a hannu ya ce an yi? "Za a ƙarfafa sa ido" ba ta da abin riƙewa. "Za a buga lambar Momo ta kamfani a kan kowane inbois" tana da shi, ɗauko inbois ka duba.

Sannan ki gwada amsar da gurbin dalili. A batun Momo, a ce dalilin shi ne lambar kamfani ɗaya ce, tana wayar da ke ofis, ɗan talla da ke Bantama ko Suame ba ya ganin saƙon shigar kuɗi, shi kuma ba zai sauke kaya ba sai ya tabbatar an biya, sai ya ce a turo tasa. In amsar manaja ita ce an rubuta wa 'yan talla takardar gargaɗi, ba a taɓa dalilin ba. Sati biyu za su koma, domin buƙatar da ta kai su can tana nan. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gyaran gaskiya shi ne a ba su hanyar ganin shigar kuɗi a asusun kamfani nan take, a sanar da masu saye, akanta kuma ya riƙa gwada inbois da bayanin Momo kullum.

Ga yadda layin zai fito a takardar Alhaji:

*1. Babba. Kuɗin ciniki na bi ta lambobin Momo na ma'aikata (rahoto, lamba ta 19, shafi na 31). Inbois 14 cikin 60 da aka duba an biya su a lambar ɗan talla. Biyar, na sidi 38,400, ba a ga shigarsu asusun kamfani ba. Kuɗin Momo na wata ukun sidi miliyan 4.2 ne. Dalili: 'yan talla ba su da hanyar tabbatar da biya a lambar kamfani. Amsa: an yarda. Manajan ciniki zai sanar da duk masu saye a rubuce cewa lambar kamfani kaɗai ake biya, 18 ga Afrilu. Akanta zai bi sawun inbois biyar ya kawo rahoto, 25 ga Afrilu. Manajan kuɗi zai samar wa kowane ɗan talla hanyar ganin shigar kuɗi, ya fara gwajin kullum, 30 ga Mayu. Shaidar rufewa: takardun gwajin kullum na wata guda, odita ya sake ɗaukar samfuri.*

Ki lura ba sunan kowa a ciki, muƙami ne kawai, kuma ba a ce an sace ba, an ce ba a ga shigarsu ba. Takardar kwamiti takan bi hannu da yawa, a Zango kuwa kowa ɗan'uwan wani ne. Mai yiwuwa ne uku daga biyar ɗin nan an shigar da su ne a sunan wani mai saye bisa kuskure. In akwai zargin da ya shafi mutum takamaimai, odita ya kai wa shugaban kwamiti a takarda dabam.

Wani lokaci manaja zai ce bai yarda ba, kuma hakkinsa ne. Ki bambanta iri biyu. In gardamar a kan gaskiyar abin ce, misali ya ce an ƙirga sito a Fabrairu ga takardar, wannan a warware shi da odita kafin zama, in hujja ta tsaya a gyara rahoto. In kuwa ya yarda da abin da aka gani amma yana ganin gyaran ya fi ɓarnar tsada, misali ɗaukar ma'aikaci na biyu a ƙaramin siton Techiman, to ya zaɓi ɗaukar kasadar ke nan. Ki rubuta matsayin odita da na manaja gefe da gefe, jimla bibbiyu, ki sa alamar "ana neman hukuncin kwamiti". Kada ki sasanta su da alƙalaminki, kuma matsayin haɗarin ba ya sauka don wani ya ƙi yarda. In babba ce, ba manajan sashe ke da ikon cewa an haƙura da ita ba, daraktoci ne, kuma a rubuta hakan a bayanin taro. Wanda bai ba da amsa ba kwata-kwata, ki rubuta ranar da aka aika masa da ranar da aka tunatar da shi, ki bar gurbin da "ba a samu amsa ba". Kada ki riƙe takardar kina jiransa.

Wa'adi

Wa'adi rana ce da wata da shekara. "Nan take", "ana kan yi", "zango na biyu", "bayan Salla", duk ba wa'adi ba ne, domin ba ranar da za a ce an makara. Kuma mutum ɗaya ke riƙe da kowane aiki. In kika rubuta "sashen kuɗi da na ciniki", ran tambaya kowa zai nuna ɗan'uwansa.

Kamfanoni da yawa kan tsayar da iyaka: babba cikin kwana 30, matsakaici 90, ƙarami 180. Tsari ne mai kyau in kwamiti ya amince da shi, amma kada a yi masa biyayyar makaho. Wani gyaran ba ya yiwuwa a kwana 30, kamar ɗaukar ma'aikaci ko canza manhajar lissafi. Manajan da aka matsa wa zai ce to, don a rabu lafiya, shi da ku duk kun san ba za a yi ba. Maganin shi ne abin da kika gani a layin Momo: a raba aikin, a sa matakin toshe kafa na sati ɗaya ko biyu, sannan cikakken gyara da ranarsa ta gaskiya. A sito, kafin a ɗauki mutum na biyu, akanta ya riƙa zuwa ƙirgen bazata kowane sati, lejar kuma ta bar hannun mai riƙe da makulli.

Ki duba kalandar kasuwarku ma. Mai sarin shinkafa da sukari da mai ba ya rufe sito don ƙirge a satin da azumi zai kama, ko ana gobe Kirsimeti. Wa'adin da ya faɗa a waɗannan ranaku an haife shi a mace. Ki kuma tambaya ko gyaran na buƙatar kuɗi ko amincewar wani. In sabunta inshora na jiran sa hannun daraktoci, to wa'adin farko a wuyansu yake, ki rubuta haka a fili, ko da Alhaji ne da kansa.

Jadawalin nan da kika gina ba na zama ɗaya ba ne, shi za ki riƙa kawowa kowane zama. Ki ƙara masa gurbin wa'adin asali, da na sabon wa'adi in an ɗaga, da halin da ake ciki. Kada ki taɓa goge ranar asali. Dabarar da aka fi yi ita ce a riƙa tura ranar gaba kowane zama, takarda ta nuna ba wanda ya makara, alhali aikin da aka ce Afrilu ya kai Nuwamba. Kwanakin makara daga ranar asali ake ƙirga su. In wa'adin asali na gurbin I, hali na gurbin K:

```
=IF(K2="An rufe",0,MAX(0,TODAY()-I2))
```

Ɗaga wa'adin babbar matsala sai da yardar kwamiti da dalili a rubuce. Kuma manaja ba ya rufe matsalarsa da bakinsa. In ya ce ya gama, hali ya zama "an ce an gama, ana jiran tabbaci", sai odita ya ga shaida sannan a rubuta "An rufe". A hukumomin gwamnatin Gana wannan bibiya doka ce: Dokar Kula da Kuɗin Gwamnati ta 2016, mai lamba 921, ta sa oditan cikin gida ya riƙa ba da rahoto kowane wata uku, ta kuma ɗora wa kwamitin bincike tabbatar da an aiwatar da shawarwari, tare da bayanin shekara da ke nuna inda aka kwana da lokacin kammalawa. Kamfaninku mai zaman kansa ne, wannan sashe bai hau kanku ba, amma tsarin abin ara ne.

Saman shafin farko shi za ki rubuta daga ƙarshe, layi biyar ko shida. Ki faɗi watannin da binciken ya shafa da sassan da aka duba, da wanda ba a duba ba in akwai, domin in odita bai samu zuwa Techiman ba ko an hana shi wasu takardu, shirun takardarki zai sa Alhaji ya ɗauka can lafiya lau. Ki kawo hukuncin odita na gaba ɗaya da kalmominsa. Sai ƙidaya: matsaloli 23 da aka haɗa zuwa 10, manya 4, matsakaita 4, ƙanana 2, biyu maimaici ne daga rahoton baya, ɗaya manaja bai yarda ba. Jimlar ƙarshe ta faɗi abin da ake so kwamiti ya yanke a wannan zama, misali amincewa da kuɗin inshora da hukunci kan ma'aikaci na biyu a reshe. In kin gama, ki kai wa odita ya gwada kowane adadi da rahotonsa ya sa hannu, ki aika wa 'yan kwamiti shafi biyun tare da cikakken rahoton sati guda kafin zama.